Takardar Neman Amincewa da Sayen Sabon Injin Iska a Kasafin 2026

Zuwa ga: Manajan Darakta da Kwamitin Kasafin Kuɗi
Ta hannun: Shugaban Sashen Kuɗi
Daga: Shugaban Sashen Injuna da Gyara
Kwanan wata: 14 ga Oktoba, 2025

Ranka ya daɗe,

Ina roƙon kwamiti ya ware dala 74,000 a kasafin 2026 domin sayen sabon injin matsa iska, wanda ma'aikata ke kira kwamfureso, tare da na'urar busar da iska da tankinta. A zaman bara an ɗage wannan buƙata saboda ƙarancin kuɗi, kuma na fahimci dalili. Sai dai daga Oktoban 2024 zuwa Satumban 2025, zama da tsohon injin ya ci wa kamfani dala 58,520. Kuɗin sun fita ne ta aljihu shida daban-daban, shi ya sa ba su taɓa bayyana a layi ɗaya a rahoton kowane wata ba. Duk lissafin da ke ƙasa a dala na yi shi, domin da ita masu sayarwa suka kawo farashinsu.

Injunanmu huɗu na hura jarkoki da robobi duk a kan injin iska ɗaya suke. Iskar ce ke hura narkakkiyar roba har ta cika ƙirar, ita ce kuma ke motsa bawul da silinda. Idan ta ɗauke, layi huɗun nan suna tsayawa a tare. Injin mai kilowat 75 ne, an saye shi a 2011, agogonsa ya haura awa 66,000, kuma ba mu da na ajiya.

A watanni 12 ɗin nan ya tsaya sau 11, jimillar awa 94. Wannan adadi ya haɗa da lokacin sake kunna layuka, domin dawowar iska ba ita ce dawowar aiki ba. Robar da ta daɗe a cikin injin da zafi tana lalacewa, sai an fitar da ita, an sake daidaita zafi, an zubar da jarkokin farko kafin a sami masu kyau. Daga cikin awa 94, mun rama 40 da aikin ƙarin lokaci, wanda ya ci dala 3,800. Sauran 54 sun tafi ke nan. Sashen Kuɗi ya ƙiyasta cewa kowace awa ta aiki tana bar wa kamfani dala 310 bayan an cire kuɗin ɗanyen kaya, don haka asararsu dala 16,740 ce. Da gangan ban lissafa awannin da muka rama a matsayin cinikin da ya ɓace ba, don kada a ƙidaya abu ɗaya sau biyu.

Gyara da kayan gyara sun ci dala 13,900, alhali a shekarar da ta gabace ta dala 8,100 ne. Sau biyu gyaran ya ja kwanaki, muka ɗauko injin haya mai amfani da dizal na kwana 9, haya da mai suka kama dala 4,300. Wani abokin cinikinmu kuma ya cire dala 3,500 daga kuɗinmu a matsayin tarar jinkirin kai kaya, kamar yadda yarjejeniyarmu da shi ta tanada.

Akwai asarar da ake yi ko da injin yana aiki. Layukanmu suna buƙatar ƙarfin iska ya tsaya a kan 7 a ma'aunin matsin iska da ake kira bar. Idan huɗun suka ja iska lokaci guda, yanzu yakan sauka ƙasa da 6, sai jarka ta fito ba ta cika ƙirarta ba, ko kusurwarta ta lotsa. Tsohuwar na'urar busarwa ma tana barin ruwa ya bi bututu, yana ɓata jikin kaya yana cin bawul. Kayan da Sashen Duba Inganci ke mayarwa sun tashi daga kashi 2 cikin ɗari zuwa kashi 3.5. Gaskiya ne muna niƙa su mu sake amfani da robar, amma wutar da aka ƙona da lokacin ma'aikata ba sa dawowa. Ƙiyasin wannan dala 6,200 ne.

Sai wutar lantarki, wadda nake so kwamiti ya dube ta da kyau, domin ita ce ba ta jiran injin ya lalace. A tsawon rayuwar injin iska, kuɗin wutar da yake sha yakan ninka kuɗin sayensa sau da dama. Irin namu gudu ɗaya gare shi: idan tanki ya cika, yana daina tura iska amma motarsa ba ta tsayawa, tana ci gaba da shan kaso mai yawa na wuta ba tare da ta samar da komai ba. Buƙatarmu kuwa hawa da sauka take yi, musamman lokacin canjin ƙira da aikin yamma da layi biyu kawai ke gudana. Sabon injin da nake nema yana rage gudun motarsa ko ya ƙara gwargwadon iskar da ake ja. Mun ɗaura mita a kan tsohon na mako biyu a watan Agusta, matsakaicin abin da yake sha ya kama kilowat 62. Da aka ɗora wannan awon a kan bayanan sabon injin, sai ya ba da kilowat 47. Bambancin kilowat 15 a awa 4,800 da muke aiki a shekara ya zama yunit 72,000, wato dala 10,080 a farashin santi 14 kowane yunit.

Ga jimillar a taƙaice:

Cinikin da ya ɓace da aikin ƙarin lokaci: dala 20,540
Gyara da kayan gyara: dala 13,900
Wutar da ta wuce ƙima: dala 10,080
Kayan da aka mayar: dala 6,200
Injin haya da dizal: dala 4,300
Tarar jinkiri: dala 3,500
Jimilla: dala 58,520, kusan dala 4,900 a kowane wata.

Huɗu daga cikin waɗannan alƙaluma suna da rasit ko rajista a ofishin kuɗi. Na wuta da na kayan da aka mayar ƙiyasi ne bisa awo, kuma na haɗa takardun awon da wannan wasiƙa don kowa ya bi lissafin da kansa.

Abin da dala 74,000 za ta saya shi ne injin kansa a kan 56,000, na'urar busarwa da tanki 9,500, kafawa da haɗa wuta da bututu 6,000, horar da makanikai uku da kayan gyara na farko 2,500. Mun karɓi farashi daga kamfanoni uku. Wanda nake ba da shawara shi ne na tsakiya a tsada, na zaɓe shi ne saboda yana ajiye kayan gyara a rumbunsa kuma ya ba da garantin shekara 5 a kan zuciyar injin, wato sashen da ke matsa iskar, muddin muka riƙe yarjejeniyar sabis ta dala 3,800 a shekara. Idan aka cire kuɗin sabis ɗin daga 58,520, saura 54,720, injin zai mayar da kuɗinsa cikin wata 16 ko 17. Ba na roƙon kwamiti ya dogara da wannan adadi. A raba ƙiyasina biyu, a ɗauka rabin asarar kawai za ta gushe: har yanzu kuɗin yana dawowa kafin shekara 3 ta cika, garanti bai ƙare ba.

Na san tambayar da za ta fara zuwa ita ce me ya hana a yi masa babban gyara. Mun tambaya. Sabunta zuciyar injin dala 19,000 ce, za a ɗauke ta mako uku, hayar wani a wannan lokaci kusan dala 8,600. Ke nan dala 27,600 a kan garantin wata 6 kacal. Bayan an gama, shan wutarsa na nan yadda yake, na'urar busarwa na nan da ruwanta, kuma allon sarrafa injin an daina ƙera irinsa. Wanda ke kai yanzu na hannu ne, mun same shi a watan Mayu bayan neman kwana biyar. Ba zan iya yi wa kwamiti alƙawarin samun wani ba. Yoyon iska a bututu kuwa matsala ce ta daban, muna toshe shi daga kasafin sashenmu, kuma ban sa ribarsa a wannan lissafi ba.

Duk abin da na lissafa asarar shekarar da injin ya rayu ce. Gwajin mai na watan Yuli da na Satumba duka sun nuna ɓurɓushin ƙarfe yana ƙaruwa, alamar cewa boris na zuciyar injin yana cinyewa, kuma zafinsa yana kusantar inda yake kashe kansa. Babu makanikin da zai faɗi ranar da zai kama, amma idan ya kama muna kan aiki, sabo ba ya isowa sai bayan mako 10 daga ranar oda. Hayar mako 10 za ta haura dala 28,000, sannan mu sayi sabon dai, cikin gaggawa, ba tare da damar ciniki ba. Injin hayar ma bai iya riƙe layi huɗu sosai.

Abokin cinikin da ya ci mu tara shi ne ke ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na kayanmu, kuma yarjejeniyarsa za ta zo sabuntawa a watan Afrilu. A wasiƙarsa ta watan Yuni ya nemi mu nuna a rubuce matakin da muka ɗauka kan jinkirin. Ban sa wa wannan farashi ba, domin Sashen Tallace-tallace ne ya fi ni sanin nauyinsa, ina roƙon kwamiti ya ji ta bakinsu. Haka nan ban lissafa wahalar makanikaina ba, waɗanda ake tasa cikin dare da ranakun hutu. Aikin duba sauran injuna a kan kari yana ta komawa baya saboda wannan inji ɗaya, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Shawarar da nake nema ita ce kwamiti ya amince a zamansa na watan Nuwamba, ya kuma ba da izinin biyan kafin alƙalami na kashi 30 cikin ɗari, dala 22,200, a makon farko na Disamba, sauran a biya daga kasafin 2026 bayan an kafa an gwada. Farashin da aka ba mu yana aiki zuwa 15 ga Disamba. Idan aka yi oda a lokacin, injin zai iso tsakiyar Fabrairu, mu kafa shi cikin kwana uku da suka haɗa da ranar hutu, tsohon ya koma na ajiya. Bayan an kafa, zan riƙa kawo wa kwamiti rahoton awannin tsayawa da karatun mitar wuta da yawan kayan da aka mayar duk bayan wata uku, a auna su da alƙaluman da ke cikin wannan takarda.

A shirye nake in bayyana a gaban kwamiti tare da babban makanikinmu, ko in zagaya da duk mai son ganin injin yana aiki.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Shugaban Sashen Injuna da Gyara

Abubuwan da aka haɗa: rajistar tsayawar inji, rasit ɗin gyara da haya, awon wuta na watan Agusta, sakamakon gwajin mai guda biyu, da takardun farashi uku.