Gyaran aikin gida na Turanci: Zainab, aji 5

Zainab, kin ci 12 cikin 20. Ga inda jan biro ya sauka da dalili.

Tambaya ta 2, kin rubuta "My brother go to the market every Friday". Daidai shi ne "goes". Idan ana maganar abin da aka saba yi, kuma mai yin aikin mutum ɗaya ne wanda ba ni ba, ba ke ba, aikatau yana ɗaukar "s" ko "es". A jikin suna wannan "s" jam'i take nunawa, a jikin aikatau kuwa tilo. Rabin ajinku nan suke tuntuɓe.

Ta 5 ce ta fi damuna, don na san kin san dokar. "The basket of mangoes are heavy." Me ke da nauyi? Kwandon. Mangwaron bayani ne kawai na abin da ke ciki, amma da yake shi ke maƙwabtaka da aikatau, sai ya ja hankalinki. Ki sa yatsa ki rufe "of mangoes", ki sake karantawa, za ki ji "is" ce ta dace.

Ta 7, "Everybody have come". Ki tambayi Hausarki: kowa ya zo muke cewa, ko kowa sun zo? Haka Turancin yake, "has". Ta 9 kuma, "news" tilo ce duk da "s" ɗin da ke wutsiyarta: "The news is good".

Sai ƙananan kalmomin nan masu shiga gaban suna. A ta 12 da ta 13 kin sa "an university" da "a hour". Harafi kika duba, alhali kunne ke yanke hukunci. Ki furta su da ƙarfi. Ta farko da sautin "yu" take farawa, baƙi ke nan, sai "a university". Ta biyu ba a furta "h" ɗinta, wasali ke fara fitowa, sai "an hour".

Ta 16, "My aunt is nurse". Hausa ce kika sa wa rigar Turanci. Mu "malama ce" ta ishe mu, su kuwa sunan abu tilo da ake iya ƙirgawa ba ya tsayawa tsirara: "a nurse".

Ta 19 na so in ba ki rabin maki, na fasa. "I saw a goat. A goat was eating my book." Akuya nawa ke nan? Mai karatu zai ɗauka biyu ne. Da Hausa cewa za ki yi na ga wata akuya, akuyar tana cin littafina. Aikin wannan "r" ɗin shi "the" take yi: an riga an ambaci abu, an san wanda ake nufi.

Ki sake rubuta jimlolin nan 8 a shafi na gaba, ki ja layi ƙarƙashin mai yin aikin a guda 4 na farko. Ki kawo mini ofishin malamai ranar Litinin kafin a tashi tara.

Malama Hadiza