Rahoton Haɗarin da Ya Auku a Sashen Casar Shinkafa

Wuri: masana'antar casar shinkafa, Kura, Jihar Kano
Ranar haɗari: Talata, 14 ga Janairu, 2025, ƙarfe 11:38 na safe
Ranar rubuta rahoto: Alhamis, 16 ga Janairu, 2025
Wanda ya ji rauni: mataimakin mai kula da inji, lambar ma'aikaci 047, shekara 24, wata bakwai da kama aiki

Yadda abin ya faru

Da ƙarfe 11:31 aka ɗauke wuta alhali injin ɗaga shinkafa na biyu yana aiki. Wannan inji shi ne mai bokitai da ke kwashe shanshera daga injin tsince dutse zuwa injin casa. Da ya tsaya, nauyin bokitan da ke cike ya mayar da su baya, shanshera ta zube ta toshe gindinsa.

Mai kula da inji ya tafi sanar da mai janareta. Mataimakin nasa ya hau dandamalin da ke sama, mai tsayin mita 4, inda motar injin take, ya kama bel da hannun dama yana ja domin ya motsa bokitan. Da ƙarfe 11:38 aka tayar da janareta aka juyo da wuta. Nan take motar ta tashi, bel ya ja yatsunsa biyu ya matse su a bakin fuli. Wani mai ɗinkin buhu da ya ji ihu ya ruga ya sauke babban makunnin sashen. Shaidu biyu sun ƙiyasta cewa hakan bai kai daƙiƙa goma ba.

Rauni da kulawa

An sauko da shi, an danne wurin da bandeji, an ɗaga hannun sama da ƙirji. Motar masana'anta ta kai shi asibiti da ƙarfe 12:05. Hoton ƙashi ya nuna karaya a manuniya da yatsan tsakiya, farcen manuniya ya fita. An yi ɗinki shida, an ɗaure yatsun, an yi masa allurar rigakafin sandarewar jiki, aka sallame shi a ranar. Likita ya ba shi hutun mako shida.

Abin da bincike ya gano

Babban dalili shi ne motar ta iya tashi ba tare da wani ya danna mata maɓalli ba. A ƙa'ida, mota mai ƙarfin kilowat 5.5 irin wannan tana bi ta kwantakta. Idan wuta ta ɗauke, kwantakta tana saki, ko an dawo da wuta motar ba za ta motsa ba sai an danna koren maɓalli. Kwantaktar wannan inji ta ƙone ranar 20 ga Disamba, 2024. An tsallake ta, aka haɗa wayoyin kai tsaye da makunnin wuƙa da niyyar na ɗan lokaci ne. Takardar neman sabuwa tana ofishin saye-saye tun 21 ga Disamba, ba a sa mata hannu ba. Makunnin wuƙar yana kunne lokacin da wuta ta tafi, kuma ba wanda ya sauke shi.

Murfin kariyar bel ma ba ya wurinsa. An cire shi ranar Asabar, 11 ga Janairu, don canza bel. Biyu daga cikin notuna huɗu sun lalace, sai aka jingine murfin a bango. Da yana ɗaure, hannu ba zai kai ga fuli ba.

Hanyar da aka tsara ta cire toshiya ita ce a sauke makunni, a sa masa kwaɗo, a buɗe ƙofar gindin injin, a kwashe shanshera da shebur. Ma'aikacin ya ce ba a taɓa nuna masa ba, ya dai ga ana jan bel da hannu. Babu sa hannunsa a rajistar horo, kuma ba a sami kwaɗo ko ɗaya a sashen ba. Mai janareta bai yi gargaɗi kafin ya juyo da wuta ba, babu kuma ƙa'idar da ta ɗora masa hakan.

Matakan da aka ɗauka

An dakatar da injin har zuwa Laraba, 15 ga Janairu, lokacin da aka sa sabuwar kwantakta, aka gwada ta sau uku ta hanyar yanke wuta da dawo da ita, aka mayar da murfin da sabbin notuna. An duba sauran motoci tara, an sami ɗaya a injin tankaɗe da aka tsallake kwantaktarta, ita ma an gyara. An sayo kwaɗuna shida. Daga yanzu sai an buga jiniya an jira minti ɗaya kafin a juyo da wuta. Za a horar da duk ma'aikatan sashen ranar Asabar, 18 ga Janairu.

Tun da raunin zai hana shi aiki fiye da kwana uku, za a sanar da sufeton masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago. Za a kuma miƙa rahoto ga NSITF, hukumar da ke kula da asusun diyyar ma'aikata, cikin kwana bakwai, kamar yadda Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanada. Masana'anta ta biya kuɗin asibiti.

Sa hannu: Jami'in Kiyaye Haɗurra, Shugaban Sashen Gyara, Wakilin Ma'aikata