Wasiƙa zuwa ga Malamin Gona kan tabon da ya fito a ganyen attarugu da tattasaina

Iba, Ƙaramar Hukumar Ojo,
Jihar Legas.
Litinin, 14 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga Malamin Gona mai kula da shiyyarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ya ruwa? Allah ya sa damina ta yi albarka, amin.

Ranka ya daɗe, ni ne Sani, mutumin Kura, wanda ya tsare ka da tambayar taki ranar da ka zo mana taro a watan Maris, har ka ce in bari ka sha ruwa tukuna. Da Hausa na rubuto saboda ka gaya mana a Zariya ka tashi, kuma in na ce zan yi bayanin ganye da Turancina, mu duka biyu za mu wahala. Yarona Auwalu ya tura maka hotuna 7 ta WhatsApp jiya da yamma, ya sa wa kowanne lamba. Hoto ba ya faɗin yadda abu ya fara, shi ya sa na biyo shi da wannan takarda.

Kunya 22 gare ni, 14 attarugu, 8 tattasai. Na yafa iri a farkon Afrilu, na yi dashe a tsakiyar Mayu. Irin attarugun nawa ne, na bara, ni na cire na shanya. Na tattasan kuwa renon da na yi bai fito da kyau ba, sai na sayi dashe a hannun wani. Ka riƙe wannan maganar, zan dawo kanta. Na zuba kashin kaji kafin dashe, bayan mako 3 na bi da kamfa. Shuka ta kama sosai, ganye ya yi shar, har maƙwabta masu ugu da lalo suna tsokanata wai bana sai na sayi babur.

Wajen 20 ga Yuni aka yi ruwan nan na kwana uku a jere, wanda ka san sai da kwatami ya cika. Da rana ta ɗan leƙo na shiga zagaye, a kunyar tattasai ta ƙarshe, wadda ke gangare inda ruwa ke kwanciya, na ɗaga wani ganye na ƙasa na ga abin.

Hoto na 1 bayan ganyen ne. Na ɗora tsinken ashana a kai don ka gane girma. Ɗige-ɗige ne ƙanana, wasu kamar ƙwayar gero, wasu sun kai kan ashanar. A farko ba su da launin ƙasa ko baƙi, kore ne mai duhu, jiƙe-jiƙe, kamar an ɗiga man gyaɗa a takarda. In ka ɗaga ganyen ka sa shi tsakaninka da rana, haske na ratsa wurin. Hoton bai nuna wannan sosai ba domin hasken wayar ya kashe shi, amma da ido a fili yake, musamman da sassafe kafin raɓa ta bushe.

Hoto na 2 da na 3 irin ganyen ne bayan kamar mako guda. Ɗigon ya koma ruwan ƙasa, gefensa ya yi duhu, rawaya ta kewaye shi. Ba zagaye yake sosai ba, yana da lungu-lungu, kuma inda suka yi yawa sai su haɗe su zama tabo babba, musamman a bakin ganye da wajen tsininsa. Daga sama ya ɗan lotsa, daga ƙasa in ka shafa da yatsa za ka ji ya ɗan tasa. Daga nan ganyen gaba ɗaya sai ya yi rawaya ya faɗi. Faɗuwar ce ta fi tayar mini da hankali. Ba sai ya bushe ba, ka ɗan girgiza shukar kawai sai ka ga uku huɗu sun zubo. Hoto na 4 shi ne ƙasan kunyar, ka ga yadda ganye ya shimfiɗu, shukar ta tsaya tsirara daga ƙasa zuwa rabi kamar kazar da aka fige.

Hoto na 5 ’ya’yan ne. Guda biyu na tsinko, ɗanyu. Akwai ƙuraje a jikinsu, masu kaushi, launin ƙasa, kamar ɓawon miki. Ciki lafiya lau, na yanka na duba. Amma kai ma ka san matan da ke saye a hannunmu, sai sun juya tattasai sau uku kafin su yi tayi, kuma ga na Arewa yana sauka a Mil 12 kullum santala-santala. Wa zai ɗauki mai ƙazuwa? Wasu ’ya’yan kuma, tunda ganyen da ke yi musu inuwa ya zube, gefen da rana ke duka ya yi fari ya yi laushi. Wannan ban ɗauke shi cuta ba, ƙunar rana ce, na san ta tun a gida.

To, ga inda kaina ya ɗaure. Hoto na 6 da na 7 daga attarugu ne, kuma a ganina wannan tabon daban yake da na tattasai. Shi zagaye ne tsaf kamar an zana, ya fi girma, wani ya kai ƙwayar wake. Tsakiyarsa fari-fari ko toka-toka, sai da’ira mai duhu ta kewaye. Auwalu da ya gani ya ce idon kwaɗo, kuma wallahi haka yake. In ya tsufa tsakiyar na bushewa ta fashe, ta bar huda. Ban taɓa kama shi yana da jiƙe-jiƙen nan na mai ba, ban kuma gan shi a jikin ’ya’ya ba ko sau ɗaya, sai dai a ganye da ɗan hannun da ke riƙe ganyen. Shi ma daga ƙasa ya fara, amma tafiyarsa a hankali take. A kunya 14 ɗin, 5 ne kawai na ga abin da yawa. Tattasai kuwa duk 8 ya taɓa, 3 sun yi muni.

Maƙwabcina, dattijo ne da ya fi ni daɗewa a nan da shekaru, ya ce duk abu ɗaya ne, ruwa ne ya yi yawa, in aka shiga hutun ruwan Agusta zai wuce da kansa. Ina girmama shi, amma ban yarda ba. Ruwa iri ɗaya ya sauka a kan kunyoyin nan, me zai sa ya yi zane biyu? Na tuna a taron nan ka ce tabon ganye wani fumfuna ke kawo shi, wani kuma ƙwayar cuta ce da ake kira bakteriya, kuma maganin ɗaya ba lallai ya yi wa ɗayan komai ba. Zatona na attarugu shi ne na fumfuna, na tattasai shi ne na bakteriya. Zato ne na manomi, kai ne mai karatun.

Dalilin da ya ƙara mini zargi shi ne dashen nan da na saya. Ka ce ita bakteriyar tana iya zuwa a jikin iri ko a jikin dashe. Da na zauna na yi tunani, ranar da aka kawo mini shi na ga ɗan baƙi-baƙi a wasu ganyayyaki, na ɗauka wahalar hanya ce. Ba na ɗora wa mutumin laifi, wataƙila shi ma bai sani ba. Ni ne ban duba ba.

Kuma dole in faɗi nawa laifin, tunda ba a ɓoye wa likita ciwo. Na cushe dashen, tazarar ba ta fi taƙi ɗaya da ɗan kai ba, saboda filin haya ne, kowane taku kuɗi ne. Yanzu sun haɗe, iska ba ta ratsawa, har azahar ganyen ciki a jiƙe yake. Sannan da sassafe muke shiga cire ciyawa da raɓa a jiki, hannun da ya taɓa wannan shi zai taɓa waccan. A gida, a Kadawa, ruwan Tiga ta ƙasa yake bin fangali, da rani, ganye bai san jiƙa ba sai an ga dama. Nan ruwan sama ne ke dukan yashi, yashi ya fantsamo har ƙirjin shuka. Noman da na gada bai koya mini wannan ba, shekarata 6 a Legas ina koyonsa da asara.

Abin da na yi zuwa yanzu: da farko na je shagon magani, na kwatanta da baki, aka ba ni maganin ƙwari. Na fesa, kuɗina ya tafi, tabo ko gezau. Daga baya na duba da kyau, babu ɗarɓa, babu farin ƙuda, ganyen ma bai nannaɗe ba balle a ce ciwon da suke kawowa ne. Ranar 5 ga wata na fesa mankozeb, ban kai ga wanke injin goyon ba hadari ya taso, ruwa ya wanke shi tas. Tun daga nan na ajiye injin. Na daina shiga gona sai ganye ya bushe, na kwashe wanda ya zube na binne a nesa, na kuma yanka wa kunyar gangaren hanya ruwa ya fita.

Abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, ka duba hotunan ka gaya mini ko cuta biyu ce ko ɗaya. In biyu ce, wanne magani na wacce? An ce mini mai sinadarin jan ƙarfe, wanda suke kira kofa, shi ake yi wa ta bakteriya, har wasu na haɗa shi da mankozeb. Ba zan saya ba sai na ji daga bakinka, da awon da zan zuba a injin lita 16, da kwana nawa tsakanin feshi da feshi a wannan ruwan da ba ya ba da sanarwa. Ka kuma faɗa mini kwana nawa zan jira bayan feshi kafin in tsinka, domin attarugun ya fara nuna, nan da kwana 10 nake sa ran ɗiban farko, kuma abin da mutane za su zuba a miya ne, har da gidana.

Kunyoyi 3 ɗin nan da suka yi muni, in tuge su ne in huta, ko akwai sauran rai? Zuciyata ba ta so, amma in barinsu zai ja wa sauran, gobe ma sai in tuge. In na tuge, me zan sa a wurin? Na san ba tumatir ba, tunda dangi ne. Ina tunanin alayyafo ko albasa mai lawashi. Sai maganar iri: attarugun nan nawa mai ƙamshi ne, shekara 4 ina juya shi, ba na son ya ɓace mini. Zan iya cire iri daga shukar da ba ta kamu ba, ko duk gonar ta haramta bana? Ina so in san wannan kafin ruwan Satumba ya dawo.

In da hali ka zo da kanka, ya fi. In ka sauka a Iyana Iba ka kira lambar da aka turo hotunan da ita, Auwalu zai zo ya ɗauke ka. Ka sa takalmin roba, hanyar ta caɓe. Kullum ina gona daga hantsi zuwa la’asar, ban da Juma’a da nake tashi da wuri. In kuma aiki ya riƙe ka, zan iya tsinko ganyen kowanne in sa a takarda daban-daban in kawo maka ofis, sai dai ka gaya mini ranar da zan same ka.

Na bar shukar kunyar gangaren yadda take, ban tuge ta ba, don ka gan ta da idonka.

Ka huta lafiya. A gaida mutanen gida.

Naka,
Sani mai attarugu,
Iba.