Shin sitof yana ƙona kitsen ciki? Amsoshin tambayoyinku kan tumbi

A cikin tambayoyin da masu zuwa atisayen asuba suke kawo mini, babu wadda take maimaituwa kamar ta tumbi. Na tsinto guda bakwai na amsa su a nan. Sitof da ake ta ambato shi ne motsa jikin nan da mutum zai kwanta rigingine, ya lanƙwasa gwiwa, ya riƙa ɗago ƙirjinsa yana komawa.

Tambaya: Malam, ni direban motar haya ne, shekarata 41. Wata biyu ke nan ina yin sitof ɗari kullum bayan sallar asuba, amma tumbin nan yana nan daram. Ko ban iya ba ne?

Ɗan'uwa, ka iya, kuma wahalarka ba ta tafi a banza ba. Sai dai aikin da ka ɗora wa sitof ba nasa ba ne. A cikinka akwai abubuwa biyu daban. Akwai tsoka, wadda take miƙe daga ƙasan ƙirji zuwa mara, ita ce take tsukewa ta ɗago ka. Sannan akwai kitse, wani a ƙarƙashin fata ya lulluɓe tsokar, wani kuma can ciki yana zagaye da hanji da hanta. Duk sitof ɗin da ka yi, tsokar ce ta yi aiki, ita ce ta ƙara ƙarfi. Kitsen da ke kwance a kanta bai yi komai ba, ɗaga shi kawai aka yi aka sauke.

An gwada wannan tun da daɗewa. A shekarar 1984 masu bincike a Jami'ar Massachusetts ta Amurka sun sa wasu maza sun yi sitof sama da 5,000 kowannensu cikin kwana 27, sannan suka ɗebi samfurin kitse daga cikinsu da bayansu da ɗuwawunsu. Kitsen ciki bai ragu fiye da na sauran wuraren ba. A 2011 aka sake wani gwajin a jihar Illinois da mutum 24: wasu suka riƙa yin motsa ciki iri bakwai, kwana biyar a mako, har mako shida. Da aka auna, sun fi juriyar yin sitof sosai, amma kitsen cikinsu da faɗin ƙugunsu ba su sauya ba. Na tabbata kai ma yau ɗarin nan ba ta ba ka wuyar da ta ba ka a makon farko. Abin da sitof ke bayarwa ke nan, kuma ka samu.

Tambaya: To zafin nan da nake ji a cikina lokacin da nake yi, ba kitsen ne ke narkewa ba?

A'a. Tsoka ce ta gaji. Idan ka ɗauki jarkar ruwa ka hau bene, irin wannan zafin za ka ji a damtse da cinya. Ciwon da ke biyo baya bayan kwana ɗaya ko biyu ma na tsoka ne da aka ba ta aikin da ba ta saba ba.

Tambaya: Idan ba daga wurin da ake motsawa kitse ke fita ba, daga ina yake fita, kuma ina yake zuwa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin duk wanda ya gane amsarta ba za a ƙara cinye masa kuɗi da sunan maganin tumbi ba.

Kitse ajiya ce. Duk lokacin da mutum ya ci fiye da abin da jikinsa ya ƙona, rarar ana adana ta a cikin ƙwayoyin kitse. Idan aka wayi gari abin da ake ƙonawa ya zarce abin da ake ci, jiki sai ya aika saƙo ta cikin jini, ƙwayoyin kitse su saki abin da suka riƙe, jini ya ɗauke shi ya kai wa tsokar da take buƙata. Saƙon nan ko'ina yake zuwa. Saboda haka man da tsokar cikinka take ƙonawa yana iya fitowa daga cinya ko gadon baya ko kumatu. Tsoka ba ta da hanyar da za ta miƙa hannu ta yago kitsen da ke maƙwabtaka da ita. Ka ɗauki tsoka a matsayin ma'aikaci, kitse kuma rumbun hatsi: daga wane rumbu za a fara ɗiba, jiki ne ke yanke hukunci, kuma gado da jinsi da shekaru suna da hannu a ciki. Shi ya sa za ka ga wani fuskarsa ce ta fara ramewa, wata kuma hannuwanta. Maza sun fi tara nasu a ciki, mata a ƙugu da cinya, sai bayan ɗaukewar al'ada na mata ma ya fara karkata zuwa ciki.

An taɓa auna hannuwan 'yan wasan tanis a 1971. Hannun da suke buga ƙwallo da shi shekara da shekaru ya fi ɗayan kaurin tsoka, amma kaurin kitsen hannuwan biyu ɗaya ne.

Inda kitsen yake zuwa kuwa yakan ba mutane mamaki: yawancinsa ta numfashi yake fita. Lissafin da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa a cikin kowane kilo 10 na kitsen da aka ƙona, kilo 8.4 yana fita a matsayin iskar da muke fitarwa ta huhu, kilo 1.6 kuma ya zama ruwa.

Tambaya: Wani abokina ya ce in na dage kitsen zai rikiɗe ya zama tsoka, in na daina kuma tsokar ta koma kitse.

Ba ya rikiɗewa. Halittarsu daban ce. Abin da ke faruwa da tsofaffin 'yan ƙwallo da 'yan dambe shi ne, sun daina aiki tsokar ta saki, cin abinci kuma bai ragu ba, sai kitse ya taru. Abu biyu ne suka faru a lokaci guda.

Tambaya: Ina ɗaura bel ɗin matse ciki, wani lokaci har da leda a ƙarƙashinsa don in yi gumi, kuma ina shan shayin rage tumbi. Sikeli yana nuna na ragu.

Hajiya, abin da ya ragu ruwa ne, kuma da kin sha kofi biyu zai dawo. Gumi hanyar sanyaya jiki ce, ba ma'aunin ƙona kitse ba. Da gumi na rage tumbi, da babu mai teɓa ko ɗaya a Sakkwato da Maiduguri a watan Afirilu. Bel kuma matse ki kawai yake yi, da kin kwance komai ya koma mazauninsa. Ledar nan ina roƙonki ki cire ta, musamman a lokacin zafi, domin tana iya jawo miki jiri da ƙarancin ruwa a jiki.

Shayin ya fi damuna. Da yawa daga cikin irin waɗannan suna ɗauke da abin da ke sa zawo ko yawan fitsari, shi ya sa ciki yake lafewa na kwana ɗaya. Mai hawan jini ko ciwon suga ko matsalar ƙoda kada ya sha abin da bai san haɗinsa ba.

Tambaya: Na haihu wata huɗu da suka wuce, har yanzu cikina bai koma ba. In fara sitof?

Allah ya raya, 'yar'uwa. Kada ki yi gaggawa. Juna biyu yakan buɗa tsokar ciki gida biyu, a samu gibi a tsakiya daga saman cibiya zuwa ƙasanta. Ki kwanta rigingine, ki ɗan ɗago kanki, ki sa yatsu a saitin cibiya. Idan kin ji rami mai faɗin yatsa biyu ko fiye, ko kika ga tsakiyar cikin ya tuso sama kamar kunyar gona, to ki dakata da sitof har ki ga likita ko ma'aikacin gashin ƙashi a asibiti, su nuna miki motsin da ya dace da ke. Wadda aka yi wa tiyata kuma sai da izinin likitanta. Tafiya a ƙafa ta ishe ki a yanzu.

Bari in ƙara wani abu a nan saboda kowa. Ba kowane babban ciki ne kitse ba. Cikin da ya kumbura cikin 'yan makonni, ko ya yi tauri, ko yake girma alhali hannu da fuska suna ramewa, ko ya zo da kumburin ƙafa ko idanu suka yi ruwan ɗorawa, na asibiti ne. Ciwon hanta yana tara ruwa a ciki, ƙarin mahaifa yana ɗaga cikin mace, ƙaba ma tana fitowa ta cibiya.

Tambaya: To me zan yi ke nan? In bar sitof gaba ɗaya?

Kada ka bari in ba ya sa maka ciwon baya ko wuya. Tsokar ciki mai ƙarfi tana tallafar ƙugu, tana taimakon mai dogon zama a mota ko a shago. Kwana biyu ko uku a mako ya wadatar, ka haɗa da tsuguno da tashi da kuma fushof, wato kwanciya rub da ciki kana ɗago jikinka da hannuwa, saboda manyan tsokokin cinya da baya su ma su samu rabonsu.

Amma tumbin kansa, ga lissafinsa. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kusan 7,700. Sitof ɗari ba ya wuce mintuna kaɗan, kuma abin da yake ƙonawa bai kai abin da ke cikin cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ba, wanda yake da kalori kusan 120. Kwalbar lemon kwalba mai rabin lita tana da kusan 200. Ka ga ke nan wurin mai shayi da bakin murhu nan ne maganar take. Ban ce ka bar tuwo ba. Malmala uku ta koma biyu, miyar kuka ko ta kuɓewa ta ƙaru, man da ake kwararawa a shinkafa da wake ya ragu. Sugan shayi da na koko da na zoɓo da na fura a rage shi rabi. Wake da kifi da ƙwai da zogale suna riƙe ciki, mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Barci ma a ba shi haƙƙinsa, domin mai kwana a zaune ya fi yawan ciye-ciye.

Ta fuskar motsi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsin da ke ɗan ɗaga numfashi, kamar tafiya da sauri ko tuƙa keke. Minti 30 a kwana biyar ya kai ka matakin farko. Abin farin ciki shi ne, kitsen can ciki, wanda ya fi haɗari saboda alaƙarsa da ciwon suga da ciwon zuciya, yana saurin amsa irin wannan motsin, wani lokaci tun kafin sikeli ya nuna wani babban sauyi.

Don haka ka nemi tef ɗin tela. Ka auna ƙugunka da safe kafin ka karya, tsakanin ƙasan haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, bayan ka saki numfashi, ba tare da tsuke ciki ba. Ana so awon ya gaza rabin tsawonka: mai tsawon santimita 170 ƙugunsa ya kasance ƙasa da 85. Ka rubuta abin da ka samu, ka sake awo bayan mako huɗu.