Ƙorafi kan hotona na sirri da aka wallafa ba da izinina ba

Zuwa ga sashen karɓar ƙorafi na Facebook,

Ina neman ku cire wani hotona na tsiraici da aka wallafa a dandalinku ranar 14 ga Maris, 2025, da misalin ƙarfe 9:40 na dare agogon Najeriya. Ni ce a hoton. Shekaruna 27, kuma lokacin da na ɗauke shi a ɗakina, a 2022, ina da 24. Mutum ɗaya na tura wa ta Messenger, shi ne mijina a lokacin. Ban taɓa yarda ya nuna wa kowa ba, balle bayan aurenmu ya mutu.

Hoton yana wurare uku. Na farko a wani sabon asusu da aka buɗe da sunana, wanda ba nawa ba ne. Daga can aka kai shi wani zauren saye da sayarwa na Kano, sannan aka maƙala shi cikin sharhi a ƙarƙashin tallar shagona. Na danna Report a kan kowanne, adireshinsu kuma yana haɗe da wannan saƙo. A kula da na zauren: an yanke gefen hoton, an ɗora rubutu a kansa, don haka na'urarku tana iya ɗaukarsa wani hoto daban. Rubutun da Hausa yake, yana ɗauke da lambar wayata da sunan unguwarmu. Ina roƙon wanda yake jin Hausa ya duba shi, domin fassarar na'ura ba za ta fito da barazanar da ke ciki ba.

Kwana biyu kafin wallafar, asusun bogin ya nemi in biya naira 150,000 ko ya watsa. Ban biya ba. Na ɗauki hoton allo na saƙonnin da kwanan watansu kafin in toshe shi. Hoton kansa ban haɗo ba da gangan. Na shigar da shi a StopNCII.org, shafin da ke taimakawa wajen hana yaɗa irin waɗannan hotuna, inda lambar shaidarsa kawai ke fita daga wayata, ba hoton kansa ba.

Wannan ya saɓa wa ƙa'idarku da ta hana yaɗa hoton tsiraici ba da yardar mai shi ba, ya kuma keta haƙƙina na sirri da sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya kare.

Saboda haka ina neman ku cire duka ukun tare da sharhin da ke da lambata, ku rufe asusun bogin, ku kuma hana sake ɗora hoton, har da wanda aka yanke. Kafin ku rufe asusun, ku adana bayanansa, domin na kai ƙara wurin 'yan sanda kuma za su iya nemansu a hukumance. Kada a sanar da mai asusun bogin cewa ni ce na kai ƙorafi. Baƙin lambobi sun fara kirana, shi ya sa nake roƙon a hanzarta.

Ku ba ni amsa ta Support Inbox na wannan asusun.

Na gode,
Mai wannan asusu, daga Kano
15 ga Maris, 2025