Wasiƙa zuwa ga iyayen Aminatu game da ƙarin jini

Sashen Cututtukan Jini na Yara
Alhamis, 6 ga Maris, 2025

Zuwa ga Malam Sani da Malama Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ku da yara. Yaya jikin Aminatu? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Ranar Talata mun ajiye mata gado ba mu gan ku ba. Da na kira, Malam ya ce mini yarinyar ta warware, tana ci, tana wasa, har ta fara dafa bango tana miƙewa, don haka bai ga dalilin sake soka mata allura a ɗura mata jinin wani ba. Na fahimce shi sarai. Kusan duk iyayen da na yi aiki da su a wannan sashe sun taɓa yi mini wannan tambayar, kuma waya ba ta isa a amsa ta yadda ya kamata, shi ya sa na ga gara in rubuto. Mun sake ba ta ranar Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe takwas na safe. Ina roƙon ku karanta wannan takarda tare kafin ranar.

Lafiyar da kuke gani a jikinta yanzu jinin da aka ƙara mata ranar 4 ga Fabrairu ne yake aiki. Ciwon nata, wato talasimiya, na nan inda yake.

Abin da ke sa jini ja, yake kuma ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ko'ina a jiki, shi ne himogulobin, wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. Jiki yana haɗa shi da sassa iri biyu, alfa da bita. Mai talasimiya babba irin ta Aminatu jikinsa ba ya iya yin ɓangaren bita, ko kuma ɗan kaɗan yake yi wanda bai kai ya kawo ba. Ɓargon ƙashinta, inda ake ƙera jini, yana aiki dare da rana, amma yawancin ƙwayoyin da yake yi tun a cikin ɓargon suke lalacewa, waɗanda suka samu fitowa kuma ba sa daɗewa. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, nata kuwa ba sa zuwa ko kusa. Ɓargon nata kamar mai ɗebo ruwa da kwando ne, wahalar tana da yawa, abin da ke isa gida bai taka kara ya karya ba.

Malama ta taɓa tambaya ta me ya sa aka haife ta lafiya lau, sai daga baya ta fara fari tana ƙin nono. Jariri yana zuwa duniya da wani nau'in himogulobin na cikin ciki wanda ba ya buƙatar bita. Shi ne ya riƙe ta watannin farko. Zuwa wajen wata shida ya ragu sosai, sai irin na manya ya karɓi aiki, to a nan ne nata ya gaza. Ranar da kuka fara kawo ta a watan Disamba himogulobin ɗinta 5.8 ne, alhali yaro mai shekarunta ana so ya kai 11. Kun tuna yadda tafin hannunta ya yi fari fat, da yadda take haki idan ta ɗan sha nono.

Tun da ba mu da hanyar sa ɓargonta ya yi lafiyayyen jini, sai mu ba ta na aro. Shi ma na aron tsufa yake yi ya ƙare. Bayan ƙarin jini awonta yakan hau zuwa wajen 13, sannan ya riƙa sauka da kusan maki ɗaya kowane mako. Ku lissafa da kanku: mako huɗu ya dawo wajen 9. Abin da likitarta take so shi ne a ƙara mata tun awon yana tsakanin 9.5 da 10.5, kada ya faɗi ƙasa da haka. A wannan matakin yaro bai nuna alamar komai ba, yana wasansa. Wato ranar da kuka dube ta kuka ce ai lafiyarta ƙalau, ita ce daidai ranar da muke son ganin ta. Idan aka jira sai ta yi fari ta kwanta, an makara da makonni.

Akwai dalili na biyu, kuma a ganina ya fi na farko nauyi, domin ɓarnarsa a ɓoye take tafiya. Duk lokacin da jini ya yi ƙasa, ƙoda tana aika wa ɓargo saƙo ya ƙara ƙoƙari. Ɓargon sai ya yi ta faɗaɗa a cikin ƙashi don ya samu wurin aiki. A hankali goshi ya turo, ƙashin kumatu ya fito, haƙoran sama su yi gaba, ƙasusuwan hannu da ƙafa su yi rauni har ƙaramar faɗuwa ta karya su. Saifa da hanta su ma su shiga aikin yin jini, su kumbura, cikin yaro ya yi tulu. Saifar da ta kumbura kuma cinye jini take yi, har da wanda muka ƙara, sai yaro ya dawo yana buƙatar jini fiye da da. Zuciya tana bugu da sauri tsawon watanni don ta rama ƙarancin, har ta buɗe ta gaji. Girma ya tsaya. Tun a 1925 wani likitan yara a Amurka, Thomas Cooley, ya bayyana yara masu irin wannan kama, kuma a wancan zamani kaɗan ne suke wuce ƙuruciya. Idan aka riƙe jini a sama ba a bari yana faɗuwa ba, saƙon nan yana lafawa, ɓargon ya huta. Aminatu ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan canje-canje a fuskarta, saifarta ma da likita ta taɓa a watan jiya ta ragu. Ƙashin da ya riga ya sauya ba ya komawa yadda yake, shi ya sa nake matsa muku tun yanzu.

Na san abin da ke ran Malam game da jinin baƙo. Kowace leda ana gwada ta don ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere kafin ta bar ɗakin ajiyar jini. Ba zan ce muku haɗari babu shi kwata-kwata ba, amma ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada da haɗarin barin ta ba jini, kuma ta riga ta yi rigakafin ciwon hanta nau'in B. Jajayen ƙwayoyi kawai muke ba ta, an tace fararen. Kowane zuwa muna ɗibar jininta a haɗa da na ledar a ɗakin gwaji a ga sun dace, domin jikin wanda ake yawan ƙara wa jini yakan fara yaƙar wasu ire-iren jini. Wannan gwajin ne yake sa ku zaman jira da safe. Da nauyinta na kilo 8.5, abin da take samu bai wuce mililita 120 ba, a hankali cikin awa uku zuwa huɗu, ni ko abokiyar aikina muna auna zafin jikinta da bugun zuciyarta a kai a kai.

Malam ya ce a ɗebi nasa. Allah ya saka da alheri, amma ba ma so a ba ta jinin uba ko uwa ko 'yan'uwanta na jini. Dashen ɓargo yana iya warkar da wannan ciwo gaba ɗaya, kuma an fi samun nasara idan ɓargon na ɗan'uwa ne ciki ɗaya wanda ya dace. In jikinta ya taɓa haɗuwa da jinin dangi, yana iya ƙin dashen daga baya. Ku ba da jini ga ɗakin ajiya don wasu, ku kuma ƙarfafa wa abokai su bayar.

Ƙarin jini yana da nasa nauyin, gara ku ji daga bakina. Jini yana ɗauke da sinadarin ayon. Cikakkiyar leda ɗaya tana da wajen miligiram 200, jiki kuwa miligiram ɗaya zuwa biyu kawai yake zubarwa a rana. Ragowar yana taruwa a hanta, da zuciya, da sassan da ke kula da girma da balaga da sukari. Ba dalilin rage ƙarin jini ba ne, domin yaron da aka bari da ƙarancin jini hanjinsa ma ƙara zuƙar ayon yake yi daga abinci. Akwai maganin fitar da shi. Akan fara bayan ƙarin jini 10 zuwa 20, ko idan awon feritin, wanda ke nuna yawan ayon da ya taru a jiki, ya haura 1,000, galibi idan yaro ya kai shekara biyu. Wani na sha ne sau ɗaya a rana, wani kuma ana ba da shi ta ƙarƙashin fata da ƙaramin famfo cikin dare. Aminatu sau uku aka ƙara mata, da saura tukuna, kuma za mu riƙa duba feritin ɗin duk wata uku.

Saboda wannan ina roƙon ku da babbar murya: kada kowa ya ba ta maganin ƙarin jini na kwalba ko na ƙwaya. Masu son ku za su kawo da kyakkyawar niyya. Yawancinsu ayon ne a ciki, ita kuwa ba ayon ta rasa ba, sai dai ya cutar da ita. Folik asid ɗin da likita ta rubuta kaɗai za ku ci gaba da ba ta.

Malama, na ga yadda kika yi shiru ranar da aka yi maganar cewa ciwon na gado ne. Ba wani abu kika ci ko kika bari da cikinta ba. Ke da Malam kowa yana ɗauke da rabin abin ba tare da ya sani ba, domin mai rabi lafiyarsa ƙalau. A kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaro ya ɗauko daga ɓangarorin biyu. Ba sikila ba ce, ko da yake hanyar gadonsu iri ɗaya ce, kuma ba a ɗauka ta zama tare. Ku zo da yayanta Usman a gwada shi, don mu san matsayinsa.

Bayan ƙarin jini, ko an kwana biyu ko an yi mako biyu, idan zafin jikinta ya kai digiri 38, ko tana rawar sanyi, ko fitsarinta ya yi duhu kamar jini, ko idonta ya ƙara rawaya, ko numfashi ya yi mata wuya, ku kawo ta nan take, ko da tsakar dare ne. Haka ma tsakanin yau da Litinin, tun da ranarta ta wuce: in ta yi laushi, ta ƙi nono, ko tana haki, kada ku jira Litinin ɗin.

Ranar zuwa ta ci abincinta yadda ta saba, ku ba ta ruwa sosai, ku lulluɓe hannayenta su yi ɗumi, jijiya ta fi saurin samuwa. Ku taho da katinta da abin wasan da ta fi so. Zan shafa mata man kashe zafi a bayan hannu kafin a sa kanula, wato ɗan bututun da ake sakawa a jijiya, Malama kuma ki riƙe ta a cinya, ba sai an kwantar da ita ba. In zuwan ne yake muku wuya, ko aiki ko abin hawa ko wanda zai zauna da Usman, ku faɗa mini ta lambar da ke bayan katin mu nemi ranar da ta fi muku, ko in haɗa ku da jami'ar walwala ta sashenmu.

A gaishe mini da Aminatu da Usman.

Taku,
Sista Rabi
Ma'aikaciyar jinya, Sashen Cututtukan Jini na Yara