Alhamdulillahi, digiri na biyu ya kammala

Alhamdulillahi. Yau Allah ya nufa na karɓi digirina na biyu a fannin gudanar da harkokin gwamnati. Karatu ne da na fara a 2021 a nan Kano, ina aiki daga takwas na safe zuwa huɗu, ina lakca da yamma, ga yara uku a gida. Su ne kuke gani a hoton, tare da Abbansu da Hajiya.

Tun da sakamako ya fito 'yan'uwa mata ke aiko min da tambaya iri ɗaya: Anti, ya ake haɗa wannan da aiki da yara? Maimakon in riƙa amsa wa kowa ita kaɗai, ga amsar a nan. Maza ma'aikata ma za su sami abin ɗauka.

Kafin ki sayi fom, ki tabbatar da irin digirin da kike nema. Akwai na bincike, irin su M.Sc, akwai kuma na ƙwarewar aiki, irin su MBA. Yawancin karatun yamma da na ƙarshen mako na ƙwarewar aiki ne, kuma jami'o'i da yawa ba sa ɗaukar mai shi kai tsaye zuwa digirin digirgir. In ƙarin girma a ofis kike so, ya isa. In kuwa koyarwa a jami'a ce a ranki, ki je makarantar karatun gaba da digiri ki tambaya da bakinki kafin ki biya ko sisi. Mai HND ko mai digiri mai daraja ta uku galibi sai ta fara da PGD, wato difloma ta gaba da digiri. Takardun da za a nema sun haɗa da sakamakon sakandare mai kiredit biyar, shaidar digirin farko, takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, wasiƙun masu tsaya miki, da tiranskirif daga tsohuwar makarantarki. Wannan na ƙarshen shi ke cin lokaci, don daga makaranta zuwa makaranta ake aika shi, ba a hannunki ba. Ki nema tun kafin a buɗe sayar da fom. Duk kuɗin da kika biya ta Remita, ki buga rasit ɗin mai lambar RRR, ki kuma ɗauki hotonsa. Ranar kiliyarans za a nemi na shekarar farko, kuma "wallahi na biya" ba ya wuce da mutum.

A wurin aiki, ki nemi izini a rubuce, a sa hannu, kwafi ya shiga fayil ɗinki. Izinin baki yana tafiya ranar da aka canza wa oga wurin aiki. Bayan haka, digirin da aka yi ba da sanin ma'aikata ba yakan ba da wahala lokacin da aka kawo shi don ƙarin girma. Hutun shekara kuma kada ki cinye shi gaba ɗaya a biki ko Sallah. Ki raba shi biyu, kowane rabi ya faɗa makon jarrabawa.

Lakcar yamma daga huɗu take farawa zuwa Magariba, wani lokaci ta wuce. Wanda ya san cunkoson Kano a wannan lokacin ya san tashi ƙarfe huɗu daidai na nufin rasa rabin lakcar farko. Hanyar da ta fi ita ce ki yi yarjejeniya da ofis: ki riga kowa zuwa da safe, ki yi aiki a lokacin hutun rana, a sallame ki uku da rabi a ranakun lakca kawai. Ki sami mai a-daidaita-sahu guda ɗaya amintacce, ku yi ciniki na wata, ku haɗu ku biyu ko uku 'yan unguwa ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya zama babban kaso na kuɗin karatun, don haka ki sa shi cikin lissafi tun farko, tare da data, da hoton takardu, da buga aiki. Adashe da aka tsara kwasarsa ta faɗo watan rajista ya fi bashi sauƙi nesa ba kusa ba. Ki sani kuma ana son halartar kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin a zauna jarrabawa, kuma makin ci a wannan matakin 50 ne, ba 40 ba.

Gida shi ne inda ake yin karatun ko a rasa shi. Daga huɗu zuwa takwas dole a sami babba guda da ya san yau shi ke riƙe da yara: wa zai ɗauko su daga Islamiyya, wa zai duba aikin gida, wa zai ba da magani in akwai mai sha. A rubuta a manna a jikin ƙofar kicin. "Ai wani zai duba su" ita ce maganar da ke sa a kira ki a tsakiyar lakca. Maigida kuma ya ga jadawalin zango gaba ɗaya tun ranar da ya fito, ba ana gobe jarrabawa ba, don yardar da aka ba da bisa sani ita ce ke ɗorewa.

Girki a yi shi ranar Asabar, amma kada ki dogara da firiza, wutarmu ba ta da alkawari. Kayan miya a markaɗa, a dafa har ruwan ya ƙone ƙurmus, sannan a soya da mai sosai har man ya taso sama ya rufe shi. A haka yakan yi kwanaki in ana ɗumamawa safe da yamma kuma ba a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki ba. Ruwan da ya rage a ciki shi ke sa ya yi tsami. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, soyayyen nama da dambun nama su kasance a ajiye, ta yadda ko babbar 'yarki za ta iya haɗa miya cikin minti ashirin.

Karatun dare bayan an dawo a gajiye ba ya zama a kai. Abin da ya fi shi ne a kwanta da wuri, a tashi ƙarfe huɗu, a yi awa ɗaya da rabi kafin gida ya motsa, sai Asuba. Fitilar sola a kan tabarma, waya a wani ɗaki. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, babu karatu, kuma wannan ba laifi ba ne. A watan azumi ma a rage buri.

Sai babban wurin, wato kundin bincike. Kwasa-kwasai ba su cika kayar da mutane ba, don akwai jadawali, akwai abokan karatu, akwai ranar jarrabawa da ke tura mutum. Da an gama su sai kowa ya watse, babu mai kiran sunanki a rajista, kuma a nan ne shekara ke wucewa ba a rubuta shafi ko ɗaya ba. Ina roƙonki da Allah, ki zaɓi batun da bayanansa ke kusa da ke. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44. Ma'aikaciya mai goyo ba za ta zagaya su ba. Ki ɗauki biyu ko uku da za ki iya zuwa ranar Asabar ki dawo kafin La'asar, ki yi musu aiki mai zurfi. Masu jarrabawa sun fi daraja ƙaramin batu da aka ƙure a kan babba da aka taɓa sama-sama.

Manufofin bincike, tambayoyin bincike da hasashe dole su yi daidai da juna: manufa uku, tambaya uku, kuma kowace tambaya a cikin takardar tambayoyin da za ki raba wa mutane ta kasance tana amsa ɗaya daga cikinsu. Rashin wannan daidaiton ne ke sa a mayar da mutum baya ranar kare shawarar bincike. Yawan waɗanda za a tambaya kuma ba a cankarsa. Mutane da yawa na amfani da dabarar Yamane:

```
n = N / (1 + N × e²)
```

In N, wato mutanen da binciken ya shafa, 2,000 ne, kuma e ɗinki, wato kuskuren da kika yarda da shi, 0.05 ne, n, wato yawan waɗanda za ki tambaya, zai zama 333. Ki buga fiye da haka, don wasu takardun ba za su dawo ba, wasu su dawo rabi a cike. Kafin rabon gaske, ki gwada takardar a kan mutum ashirin ko talatin, ki duba Cronbach's alpha, wato ma'aunin daidaituwar amsoshin, a manhajar SPSS. In ya gaza 0.7, akwai tambayoyin da ba a fahimta yadda kike nufi, a gyara su tun kafin a kashe kuɗin bugu. In masu amsawa sun fi jin Hausa, ki fassara takardar, wani daban ya mayar da ita Turanci, ku gwada ko ma'anar ta tsaya.

Duk abin da kika karanta, ki shigar da shi manhajar Zotero a ranar, ita za ta jera miki manazarta a tsarin APA. Neman shekarar wani littafi da kika karanta bara ana saura kwana biyu miƙa aiki azaba ce da za a iya kauce mata. Ki rubuta da kalmominki, don ana sa aikin a Turnitin, manhajar gano satar rubutu. Masu cewa za su rubuta miki kuwa, ki guje su: ranar karewa ke za ki tsaya gaban malamin da ya zo daga wata jami'a, kuma tambaya biyu ta isa ya gane aikin wa ne. Kowace rana ki ajiye aikin wuri uku, kwamfuta, filash da Google Drive, da kwanan wata a sunan fayil. Gidan da ke da yara, kofin shayi da kwamfuta ba sa zama tebur ɗaya.

Malamin da ke duba aikinki yana da ɗalibai da yawa. Ki tambayi ranar da yake ganin ɗalibai, ki kai babi ɗaya a buge, ki haɗa da tsohon kwafin da ya yi wa jan biro don ya ga kin gyara. Kada ki ɓace wata uku sannan ki dawo kina gaggawa. Ki kuma sa a ranki cewa lokaci zai iya ja: yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Irin wannan tsaikon, wanda ya yi amfani da shi wajen karanta ayyukan magabata ya dawo da babi na biyu a hannu. Rajistar kowace shekara kuma kada a tsallake ta ko da kwas ya ƙare, don ɗalibta na da wa'adi.

Abban yara, Allah ya saka maka da mafificin alheri, ka riƙe yammacin gidan nan ba tare da ka taɓa goranta min ba. Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sa jikokin nan su yi miki abin da ya fi haka. Ƙanwata da ta riƙa ɗauko su daga Islamiyya, malamaina, malamin da ya duba aikina layi-layi, da abokan aikin da suka riƙa tare min tebur, na gode, Allah ya biya ku. 'Yan ajinmu da ke babi na huɗu da waɗanda ke jiran ranar karewa, Allah ya kawo muku ita cikin sauƙi, mu zo taku walimar. Littattafan rubutuna na kwas ɗin dabarun bincike da tambayoyin jarrabawar shekarun baya suna nan a ɗaure. Duk 'yar'uwar da ta sami gurbi bana ta yi min magana, zan sa a kai mata.